Darasi na 7: Injin Wanki Mai Turke da Mai Faifai

Idan kuka ɗaga murfin injin wanki mai buɗewa ta sama, abu ɗaya cikin biyu za ku gani a cikin bahonsa. Ko dai ku ga wani dogon turke na roba a tsaye a tsakiya, mai fukafukai a gindinsa, ko kuma ku ga bahon wayam, sai wani faifai a kwance a ƙasa mai ɗan tudu-tudu a fuskarsa. A jikin kwali ko takardar injin, mai turke za ku ga an rubuta masa `Agitator`, mai faifai kuma `Impeller` ko `Pulsator`. Daga wannan bambanci ne sauran duka suka taso: yawan ruwan da injin zai sha, tsawon lokacin da zai ɗauka, irin dattin da zai iya fitarwa, da irin ɓarnar da zai iya yi wa tufa.

Yadda datti ke fita

Kafin a zo ga injin, sai a san abin da ke wanke tufa. Wani masanin haɗa sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya tsara bayanin a 1959 cewa abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su yi wanki: sabulu, ɗumin ruwa, lokaci, da motsi. Idan aka rage ɗaya, dole a ƙara wani, in dai ana son tufa ta fita yadda ta saba fita. Wannan duk mai wankin hannu ya san shi. Rigar da aka jiƙa tun dare ba ta bukatar cuɗa mai yawa da safe, wadda kuma aka tsoma yanzu-yanzu sai an dirje ta sosai.

Motsin da ake magana yana yin aiki biyu. Yana lanƙwasa zaren tufa yana sakinsa, sai ruwan sabulu ya shiga tsakanin zare ya fito da datti. Yana kuma goga tufa da wani abu, sai dattin da ya manne a fuska ya kankaru. Amma duk injin da za ku samu, wuri ɗaya ne a cikinsa motsi ke da ƙarfi, wato can ƙasa kusa da fukafukai ko kusa da faifai. Tufar da ta tsaya a saman ruwa tana jiƙa ne kawai. Saboda haka babban abin lura a wannan darasi shi ne juyawar kaya: kowace tufa ta gangara wurin da ake cuɗa, ta sha rabonta, ta tashi ta ba wata wuri. Injin da kayansa ba sa juyawa bai yi wanki ba, kowane iri ne shi kuwa.

Mai turke

Wannan tsari tsoho ne. Kamfanin Maytag na garin Newton a jihar Iowa ta Amurka ya fito da injin mai fukafukai a gindin baho a 1922, kuma har yau a Amurka da Kanada aka fi samun masu turke. Turken ba zagaye yake yi ba. Yana juyawa dama, ya tsaya, ya dawo hagu, haka ba hutawa. A tsofaffin injina yakan yi doguwar tafiya a hankali, wajen sau 70 a minti, a wasu na baya kuma gajeriyar tafiya da sauri, har kusan sau 180. Fukafukan gindi suna bugun tufa kai tsaye, suna watsa ta zuwa bangon baho. Daga bango ta hau sama, ta matso tsakiya, ta sake gangarowa ta jikin turke. Wasu turakun kashi biyu ne: na sama yana da fiffike guda da ya naɗe shi daga bisa zuwa ƙasa, yana juyawa gefe ɗaya kaɗai, aikinsa danna kaya ƙasa.

Wannan tafiya ba ta yiwuwa sai kaya suna iyo, shi ya sa mai turke yake cika bahonsa da ruwa. Tsohon babban injin irin wannan yakan sha kimanin lita 150 a wanki ɗaya, rabi na sabulu rabi na ɗauraya, wato jarka 6 mai lita 25. Ribar da ake samu ita ce sauri da ƙarfi. Cikin minti 35 zuwa 45 ya gama, kuma ruwa mai yawa yana ɗauke laka da ƙura ya fita da su. Ga wandon manomi, kayan birkila, da rigunan yaran da suka yi birgima a filin ƙwallo, ban san wani injin gida da ya fi shi ba.

Ƙarfin nan shi ne kuma aibinsa. Duk abin da yake dogo, kamar zani, mayafi, zariyar wando ko hannun riga, yana iya naɗe turke. Da zarar ya naɗe, gefe ɗaya yana riƙe a turke, ɗaya gefen kuma nauyin sauran kaya yana jansa, ana fizgarsa dama da hagu ɗaruruwan lokuta. A nan ne wuyan riga ke buɗewa, ɗinki ya ɓalle, leshi ya yage. Ƙaramin abu irin safa ko igiyar hijabi kuma yakan shige tsakanin gindin turke da ƙasan baho ya fito a tattaune. Turken yana kuma cin wuri, don haka babban bargo ba ya samun sararin juyawa, sai gefen da ke jingine da fukafukai ya yi ta shan guga, sauran ya fito da dattinsa.

Mai faifai iri biyu ne

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don ana yawan cewa mai faifai ba ya shan ruwa kuma yana lallaɓa tufa. Maganar ta dace da iri ɗaya, ba ta dace da ɗayan ba.

Iri na farko shi ne mai wanki a cikin ruwa mai zurfi. Kamfanin Sanyo ya fito da injin mai faifai a Japan a 1953, tsarin ya bazu a Asiya, kuma jikokinsa ne suka cika shagunan Kano, Kaduna da Yamai. Injin nan mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, yana cikin wannan iri. Faifansa yana gudu da sauri na 'yan daƙiƙu, ya tsaya, ya juya ta ɗaya gefen. Gudun yana murɗa ruwa, ruwan ya zuƙo kaya ƙasa ta tsakiya ya watsa su gefe. Ruwa ne ke ɗaukar tufa a nan, faifai ba ya taɓa ta sai lokacin da ta wuce ta kansa. Don haka idan ruwa ya wadata, bugun bai kai na turke ba. Matsalarsa murɗewa ce. Ruwan da ke juyawa yana tufka dogayen kaya da juna, har ku ciro zani uku da wando biyu sun zama igiya guda. Abin da ke cikin tufkar bai wanku ba, kuma jan da ake yi wurin warwarewa yana buɗa yadi mai laushi.

Iri na biyu shi ne mai ƙaramin ruwa, wanda ya yaɗu a Amurka da aka matsa wa kamfanoni su rage shan ruwa da wuta. Sau da yawa akwai alamar `HE` a jikinsa. Shi wannan yakan fara auna nauyin kaya da kansa, sannan ya zuba ruwan da zai jiƙa su, sau da yawa ko rufe su bai yi ba. Faifansa babba ne, ya kusa cika ƙasan baho, kuma yana jujjuyawa dama da hagu yana jan kayan da ke kansa. Kaya suna tattaruwa tsakiya, su ɓullo sama, su kwanta gefe su sake gangarawa. A nan tufa ce ke goga tufa. Yakan sha lita 50 zuwa 80, amma tunda an rage ruwa an kuma rage bugu, sai aka ƙara lokaci, shi ya sa wanki ɗaya yakan kai awa guda ko ya wuce. Wanda ya ga ruwa kaɗan a irin wannan injin ya ɗauka lalacewa ya yi, to, haka aka ƙera shi.

Ba ya fizgar kaya kamar turke, kuma yana da sararin bargo. Iyakarsa tana wurin datti mai nauyi. Laka da ƙurar hunturu suna bukatar ruwan da zai kwashe su, idan ruwan ya yi kaɗan sai dattin da ya fita daga wando ya koma ya zauna a farar riga, ta fito da duhu-duhu. Ga kuma maganar omo. Omon wankin hannu an yi shi ne ya yi kumfa, kumfa kuwa a ƙaramin ruwa tana shiga tsakanin tufa da tufa ta hana su gogar juna, ba ta kuma ɗauruwa, sai ku ga farin zane-zane a baƙin kaya bayan sun bushe. Irin wannan injin yana son sabulu maras kumfa da yawa, kuma a auna shi. Yawancin injinan suna da maɓallin ƙara ruwa, a wasu an rubuta `Deep Fill`, a wasu `Water Level`. Ga kayan laka, a danna shi.

Kada kuma a ɗauka faifai ba ya cin tufa. Idan aka cika kaya har suka kasa juyawa, wadda ke ƙasa ita kaɗai za ta kwanta a kan faifai ta yi ta shan guga daga farko har ƙarshe. Alamar ita ce wuri ɗaya a jikin tufa ya yi gashi-gashi ko ya koɗe, sauran jikinta lafiya lau.

Wankin sati na wani gida

Mu ɗauki gida mai injin da aka rubuta wa kilo 7. Wannan adadi nauyin busassun kaya ne, kuma shi ne iyakar injin. Don kaya su juya da kyau, kada a wuce kilo 5. Ga abin da ya taru a sati, bisa kimantawa: kayan makaranta saiti 6, kilo 2, wandunan aikin maigida guda 2 masu laka, kilo 1.3, zanin atamfa 4, kilo 1, dogayen hijabai 3, kilo 1.2, zanin gado 2, kilo 1.5, tawul 2, kilo 1, riga da wando na shadda saiti 2, kilo 1.5. Jimla kilo 9.5.

Da farko a ware shaddar gefe. Ƙyallin shadda yana saman yadin ne, gogayyar inji kuwa tana kashe shi, zaren aikin wuya ma yana tsinkewa. Ni a ganina shadda mai tsada, babbar riga mai aiki, leshi mai duwatsu da hula ba su da abin yi a cikin ko wane injin. Hannu ya fi musu, ko a kai wa masu sana'ar. Saura kilo 8, kuma ko da yake zai shiga a zubi biyu, zubi uku ya fi, don kayan ba irin wanki ɗaya suke so ba.

Zubi na farko zanin gado da tawul, kilo 2.5. A mai turke, a warware kowane zanin gado a sake shi a gefe ɗaya na baho a tattare, na biyu a ɗaya gefen, tawul a tsakaninsu. Kada a naɗa shi a kewaye turke, don wanda ya yi haka ya fara wa injin ɓarnar da kansa. A mai faifai mai ƙaramin ruwa, a jera kayan tsibi-tsibi a jikin bango a bar tsakiyar faifai a buɗe. Idan aka shimfiɗa zanin gado ya rufe faifai, yakan kumbura da iska ya yi ta yawo a sama, ko ya haɗiye tawul ɗin ya zama dunƙule ɗaya. Dunƙulen nan ne ke sa injin tsalle da buga bango lokacin matsa, wasu injinan ma sai su tsaya su sake zuba ruwa don su daidaita kayan, ruwan da aka so a tattala ya tafi.

Zubi na biyu zannuwa da hijabai, kilo 2.2. Ba su da nauyi, ba su da datti sosai, amma su ne suka fi shiga haɗari, don kowane zani yadi 2 ne, hijabi kuma ga tsawo ga igiya. A ɗaure igiyoyin, a sa kowane hijabi a jakar raga ta wanki, a zaɓi `Gentle` ko `Delicate`, a ba su ruwa sosai. A injin mai baho biyu, minti 5 ko 6 ya ishe su, ba sai an murɗa agogon ya kai 15 ba, don kowane ƙarin minti ƙarin tufka ne. Sabuwar atamfa da ke zuba a wanke ta ita kaɗai. Dalilin raba hijabai da tawul kuma shi ne tawul yana zubar da ɓurɓushin zare, yadin roba kuwa yana kama shi.

Zubi na uku kayan makaranta da wandunan aiki, kilo 3.3. Kafin su shiga injin a bar lakar ta bushe a kakkaɓe, a tsoma wandunan a bokiti a zubar da ruwan farko, a shafa sabulu a wuyan riguna da gwiwoyin wando, a ja zif a rufe, a lalube aljihu. Mai turke zai gama da su a zagaye ɗaya. Mai ƙaramin ruwa yana bukatar taimako: a jiƙa na rabin awa, a ƙara ruwa, a zaɓi `Heavy`, a ƙara ɗauraya ɗaya.

Yanzu lissafin ruwa. Mai turke, tunda zubin ba su cika baho ba, a ce lita 120 kowane zubi, jimla lita 360, jarka 14 da ɗoriya. Mai ƙaramin ruwa, a ce lita 60 sau biyu da lita 100 a zubi na uku, jimla lita 220, kusan jarka 9. Ga gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, bambancin sama da jarka 5 kowane sati ba ƙaramin abu ba ne. Amma a ɗaya ɓangaren, mai turke zai gama cikin kimanin awa 2, wancan kuwa sai ya wuce awa 3, kuma a unguwar da wuta ba ta daɗewa wannan ma lissafi ne. Mai baho biyu yana hannun mai shi: da bokiti ake iya zuba masa ruwa ko famfo ba ya zuwa, ana iya wanke kaya masu datti da ruwan sabulun da aka wanke farare, kuma idan aka matse kaya kafin a ɗauraye, ruwan ɗauraya yana raguwa sosai. Ga yawancin gidajenmu shi nake ganin ya fi dacewa, muddin an koyi hana shi tufka kaya.

Yadda za ku gane ko kaya na juyawa

Ku ɗora hankici mai launi a saman kaya bayan injin ya fara wanki, ku zuba ido ta murfin gilashi, ko ta bakin bahon wanki idan mai baho biyu ne, hannunku a waje. A injin mai ruwa da yawa ya kamata hankicin ya nutse cikin minti guda ko makamancin haka, ya ɓullo a wani wuri. A mai ƙaramin ruwa tafiyar ta fi jinkiri, sai ku ba shi 'yan mintuna. Idan ya tsaya a inda kuka ajiye shi yana karkarwa, ku rage kaya ko ku ƙara ruwa, ku sake gwadawa.

Idan an rage kaya amma bai canza ba, matsalar ta injin ce. A turke mai kashi biyu, ku cire wuta ku juya kan turken da hannu. Ya kamata ya tafi gefe ɗaya ya cije a ɗayan. Idan yana tafiya ko'ina sakaka, ƙananan haƙoran roba da ke cikinsa sun cinye, kuma canza su aiki ne mai sauƙi. A mai faifai, idan kuna jin moto yana gudu amma faifai yana rangaji ko ya tsaya, ko dai bel ya saki, ko haƙoran da ke riƙe faifai a kan sandarsa sun share. Idan moton yana gunji bai tashi ba, ku kashe nan take, don ko wuta ce ta yi ƙasa, ko kafasita ta mutu, ko wani abu ya maƙale. Ƙarar karce daga ƙasa kuwa yawanci tsaba ce, ko fil ɗin mayafi, ko ƙusa da ta shige ƙarƙashin faifai. Irin wannan ƙarfe ne ke huda ƙananan ramuka a riguna, a yi ta zargin injin alhali daga aljihu abin ya fito.

Abubuwa biyu na kiyayewa. Kayan da ruwa ba ya ratsa su, kamar rigar ruwa da ledar shimfiɗar yara, kada a sa su a matsa, don suna riƙe ruwa a gefe ɗaya, baho mai gudu ya karkace ya fasa injin. Sannan mai sha'awar injin mai turke na gwanjo da aka kawo daga Amurka ya duba farantin bayansa. Idan an rubuta `120V 60Hz`, wutarmu ta Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce a kan `50Hz`. Taransifoma za ta rage masa bolt, amma ba ta canza wancan adadi na biyu, don haka moton tsohon injin zai yi gudu ƙasa da yadda aka ƙera shi da kashi ɗaya cikin shida, yana kuma iya yin zafi. A tambayi mai gyara ko ana samun kayan gyaransa a garin kafin a biya kuɗi.

Aikin yi

1. Ku bayyana hanyar da tufa ke bi a cikin mai turke, da hanyar da take bi a cikin mai faifai mai ƙaramin ruwa.
2. An wanke baƙin hijabi a injin mai alamar `HE`, ya bushe da farin zane-zane. Me ya jawo haka, kuma me za a canza a wanki na gaba?
3. Wani gida yana zubi 4 a sati, kowane zubi lita 120. Jarka nawa mai lita 25 za su saya? Nawa za su saya idan kowane zubi lita 70 ne?
4. Ku auna kayan wankin gidanku na sati ɗaya a sikeli, ku raba su zubi-zubi don injin mai kilo 7, ku rubuta dalilin da ya sa kowace tufa ta shiga inda kuka sa ta, da waɗanda kuka ware don wankin hannu.